Ina so ta faɗa mini yadda aikinta yake, amma ta yi shiru

Assalamu alaikum, Anti. Na karanta kimiyyar sinadarai a jami'a, na gama hidimar ƙasa watanni biyar da suka wuce, kuma burina in yi aiki a sashen kula da ingancin kaya na masana'antar abinci. Gwaggona ta ba ni lambar wata Hajiya da suka yi sakandare tare, wadda ita ce shugabar ɗakin gwaje-gwaje a wani kamfanin man girki a nan Kano. Abin da nake so shi ne ta ba ni ɗan lokaci in tambaye ta yadda aikin yake da yadda ake shigarsa, domin ban san kowa a fannin ba. Na tura mata sallama da gaisuwa ta WhatsApp, yau mako biyu ke nan, ta gani ba ta amsa ba. Baba ya ce in bari ya je gidanta da takarduna ya roƙa mini aiki, ni kuma ina ganin hakan zai ɓata lamarin. Ina jin kunyar sake tura saƙo, kada ta ɗauke ni mai naci. Don Allah yaya zan yi?

Wata mai karatu daga Kano

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, domin Hajiya ba ta ƙi buƙatarki ba, tunda har yanzu buƙatar ba ta isa gare ta ba. Abin da ya isa wayarta gaisuwa ce daga lambar da ba ta sani ba, kuma duk wanda ya daɗe yana riƙe da wani muƙami a garin nan ya san abin da ke biyo bayan irin wannan gaisuwar, wato roƙon kuɗi ko roƙon aiki. Shugabar ɗakin gwaje-gwaje kuwa galibi ba ita ke ɗaukar ma'aikata ba. Tana iya cewa sashenta na buƙatar ƙarin mutum, tana iya zama cikin masu yi wa mai neman aiki tambayoyi, amma amincewar ƙarshe tana hannun ofishin ma'aikata ko mai kamfani. Saboda haka idan ta amsa gaisuwar da take zaton roƙon aiki ne zai biyo baya, ta buɗe ƙofar da za ta sha wahalar rufewa, kuma shiru ya fi mata sauƙi a kan ta ce wa yarinya ba za ta iya ba. Ki ƙara da cewa a masana'antun abinci da dama ba a shiga wurin sarrafa kaya da waya, sai mutum ya fito da yamma a gajiye ya tarar da saƙonni sun taru, ya amsa waɗanda ya gane inda suka dosa, ya bar sauran.

Tarbiyyar da aka yi miki ce ta sa kika fara da gaisuwa kaɗai, kuma da a falonta kike zaune, da daidai kika yi, domin ba a shiga wurin babba a faɗi buƙata kafin a tambayi lafiya da iyali da gajiya. Sai dai a zaune tana ganin fuskarki, ta san daga gidan da kika fito, tana kuma iya cewa "me ke tafe da ke?" A rubuce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka ladabin rubutu shi ne gaisuwa da gabatar da kai da buƙata su zo cikin saƙo guda, yadda za ta karanta sau ɗaya ta san wace ce ke, me kike so, kuma nawa ne daga lokacinta zai tafi idan ta amince.

Kafin ki sake rubuta komai, ki koma wurin Gwaggo. Akwai yiwuwar ta ba ki lambar ba tare da ta sanar da ƙawarta ba, wanda ke nufin Hajiya ba ta ma san 'yar gidan su wace ce ta gaishe ta ba. Ki roƙi Gwaggo ta kira ta, amma ki zauna ki fayyace mata abin da za ta faɗa, domin son da take yi miki zai iya sa ta ce "ga 'yarki nan ta gama karatu, ki taimaka ki sama mata wuri", wanda shi ne ainihin abin da muke gudu. Abin da kike buƙata daga bakinta jimla biyu ne: 'yar ɗan'uwanta ta karanta sinadarai tana sha'awar irin aikin Hajiya, kuma shawara take nema ta 'yan mintoci, za ta turo saƙo. Ki tuna cewa Gwaggo ma tana da abin da take karewa a nan, wato zumuncin shekaru masu yawa, kuma za ta fi sakin jiki ta kira idan ta san ba nauyi za ta ɗora wa ƙawarta ba.

Washegarin kiran, tun maganar tana sabuwa a ranta, sai ki tura saƙo mai kama da wannan: "Assalamu alaikum, Hajiya, barka da aiki. Sunana wance, 'yar wan Hajiya wance ce da ta yi miki maganata jiya. Na karanta kimiyyar sinadarai, na gama hidimar ƙasa, kuma ina so in shiga aikin kula da ingancin kaya a masana'antar abinci. Ba aiki nake roƙo a kamfaninku ba. Ina roƙon minti ashirin ne in yi miki tambayoyi huɗu ko biyar a kan abin da ake nema daga sabon shiga da abin da ya kamata in koya tun yanzu. Ko ta waya, ko in zo inda kika ce, duk ranar da ta yi miki cikin mako biyu masu zuwa. Idan lokaci bai ba da dama ba, na fahimta, kuma na gode. Allah ya saka da alheri."

Kowane yanki na wannan saƙon yana da aikin da yake yi. Sunan Gwaggo ya fitar da ke daga sahun baƙi. Cewa ba aiki kike roƙo ba ya ɗauke mata fargabar da ta sa ta yi shiru tun farko. Minti ashirin abu ne da mai aiki zai iya cirewa tsakanin sallar Azahar da komawa ɗakin gwaji, alhali "ina so in zo in same ki" ba shi da iyaka, yana iya cinye mata yammaci guda. Ambaton mako biyu yana hana maganar ta zama ta "wata rana", jimlar ƙarshe kuma ta ba ta hanyar cewa a'a ba tare da jin nauyin ƙawarta ba, kuma mutane sun fi saurin amincewa da abin da suka san suna da ikon ƙi. Kada ki haɗa takardunki da wannan saƙon, domin da zarar ta ga takardar shaidar digiri a maƙale, duk abin da kika rubuta a sama ya rushe. Kada ki yi saƙon murya, domin ba za ta iya saurara a tsakiyar ma'aikata ba, kuma kada ki ambaci gaisuwar da ba ta amsa ba, don kada ta fara da ba ki haƙuri. Ki daidaita ranar da Gwaggo za ta kira ta yadda za ki tura da hantsi a ranar Talata ko Laraba, ki kauce wa safiyar Litinin da ranar Juma'a da kuma dare. Idan mako guda ya wuce babu amsa, kina da damar tunatarwa sau ɗaya, a layi biyu. Wannan bai kai naci ba. Naci shi ne kira a jere, ko ƙarin saƙonni bayan tunatarwar, ko zuwa ƙofar kamfani ba tare da an ce ki zo ba.

Game da Baba, ina so ki dubi maganarsa da idon tausayi. Ya kashe kuɗi da shekaru a kan karatunki, yana ganin kina zaune a gida, kuma hanyar da ya sani, wadda ta yi wa mutanen zamaninsa aiki, ita ce babba ya je wurin babba. Amma kin yi daidai da kika ji ɗar. Idan dattijo ya taka har gidan mace da takardun 'yarsa a hannu, bai bar mata amsar da za ta iya bayarwa ba sai "in sha Allahu za a duba", daga nan kuma za ta fara kauce wa kiranku saboda kunyar alkawarin da ba ta da ikon cikawa, sai ki rasa aikin ki kuma rasa shawarar. Kada ki ce masa dabararsa ba ta da kyau. Ki ce masa kina so ki fara zuwa ki ji yadda ake ɗaukar mutane a wurin, domin idan lokacin da za a buƙaci bakinsa ya zo, ya san wurin wanda zai je da abin da zai roƙa. Gaskiya ce kika faɗa masa, domin wata rana za a iya buƙatar wanda zai tsaya miki, kuma a ranar girmansa zai yi amfani.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi muhimmanci a wurina, wato abin da za ki yi tsakanin amincewarta da ranar haɗuwa. Minti ashirin ba su da yawa, don haka kada ki kashe su a kan abin da za ki iya karantawa a gida. Ki je kin riga kin san cewa hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa kayan abinci rajista tana kuma duba masana'antun da ake yin su, hukumar SON kuma ita ke fitar da ma'aunin ingancin da kaya za su cika. Ki san cewa tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a cikin man girki da sukari da fulawa a Najeriya, kuma haske yana lalata wannan bitamin, wanda ya sa tabbatar da adadinsa a cikin mai yake cikin abin da ke wuyan sashen Hajiya. Ki sake bitar gwaje-gwajen da ake yi wa mai kullum: auna danshi, auna yawan asid ɗin da ya saki a cikin man, wanda ake yi ta hanyar ɗiga ruwan sodar yin sabulu har launi ya juya ruwan hoda kamar yadda kuka yi a ɗakin gwajin jami'a, da gwajin da ke nuna ko man ya fara lalacewa tun kafin hanci ya ji. Idan gyaɗa suke matsewa, ki karanta a kan afalatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, wadda yawancinta ke zama a cikin tunkuzar da ake sayar wa masu abincin dabbobi. Haruffan GMP da HACCP kuma za ki riƙa ganinsu a kusan kowace sanarwar neman ma'aikata a fannin, na farko ƙa'idojin tsafta da tsarin aiki ne a masana'anta, na biyu kuma tsarin gano wuraren da haɗari zai iya shiga abinci da yadda ake tsare su. Ba a ce ki ƙware ba, ana so ne idan ta ambaci abu kada ta tsaya fassara miki shi.

Wannan shirin ne zai canza irin tambayoyinki. Wadda ba ta shirya ba za ta ce "Hajiya, yaya aikin yake?", ta sami amsar "Alhamdu lillahi, sai haƙuri", maganar ta mutu a nan. Ke kuwa za ki iya cewa: "Idan kin ɗauki sabon ma'aikaci daga jami'a, wane abu ne kike tarar bai iya ba, wanda kike fatan da ya koya kafin ya zo?" Wannan tambayar ita ce ta fi kowace daraja, domin amsarta ce za ta gaya miki abin da za ki yi da watanni uku masu zuwa, ko haɗa ruwan gwaji daidai gwargwado ne, ko rubuta sakamako a littafin aiki yadda mai bincike daga hukuma zai iya bi, ko sarrafa alƙaluma a kwamfuta. Sai ki tambaye ta yadda mutum uku na ƙarshe da suka shigo sashenta suka shigo, ta sanarwa ne, ko ta hidimar ƙasa, ko sun fara ne da zaman sanin makamar aiki aka riƙe su. Amsar wannan ita ce hanyar shiga ta gaskiya, wadda sau da yawa ta sha bamban da abin da ake rubutawa.

Akwai tambayar da nake so ki yi ko da ta yi miki nauyi a baki: me ke faruwa idan sakamakon gwaji ya nuna kaya ba su cika ma'auni ba, ga mota tana jiran lodi a waje, ga manajan sarrafa kaya yana tsaye yana cewa a saki? A nan ne nauyin aikin yake, domin mai kula da inganci shi ne mutumin da ake biya don ya ce a dakata a lokacin da kowa ke son a wuce, kuma sa hannunsa ne a kan takardar da ta saki kayan. Yadda Hajiya za ta amsa zai nuna miki ko halinki ya dace da wannan kujera, abin da babu takardar shaidar da za ta gaya miki. Ki kuma tambayi tsarin lokutan aiki ba tare da kunya ba. Masana'antu da yawa a Sharaɗa da Challawa da Bompai suna aiki dare da rana idan akwai kaya, ɗakin gwaji kuma yana bin injin ne, don haka ki ji ko mata suna yin aikin dare a wurinsu, yadda ake komawa gida, da yadda ita ta haɗa shi da aure da renon yara. Wannan tambaya ce da mace za ta amsa wa mace da gaskiyar da ba za ki samu a wani wuri ba, kuma Baba ma zai so jin amsarta. Idan lokaci ya rage, ki tambaye ta ko rajista da IPAN, cibiyar masu binciken ingancin abinci da magunguna da ruwa, ko ICCON ta masana sinadarai, tana da amfani ga mai farawa, ko kuwa abu ne da ake yi bayan an sami shekarun aiki.

Akwai kuma iyakar da ba za ki ƙetare ba. Kada ki tambaye ta albashinta. Idan kina son sanin kuɗi, ki tambayi abin da aka saba fara biyan sabon shiga a masana'antun garin. Kada ki tambayi sakamakon gwajin kayansu, ko inda suke sayen gyaɗa, ko abin da hukuma ta samu a zuwanta na ƙarshe, domin amanar kamfani ce a hannunta. Idan ta zagaya da ke ɗakin gwaji, wayarki ta zauna a jaka, babu hoto babu naɗar murya. Ki riƙe ƙaramin littafi da biro, ki nemi izini kafin ki fara rubutu.

Idan minti ashirin suka cika, ke za ki fara faɗa: "Hajiya, lokacin da na roƙa ya cika, kada in tsare ki." Idan ta ce ki ci gaba, kyauta ce ta ba ki. Kafin ki tashi ki yi tambaya ta ƙarshe, ko akwai wani mutum ɗaya da take ganin ya kamata ki ji ta bakinsa, kuma ko za ki iya ambaton sunanta idan kin tuntuɓe shi. Ta haka ne wadda ba ta san kowa a fannin ba take wayar gari ta san mutum uku.

Na san a ƙasan zuciyarki kina fatan zancen ya kai ga aiki, kuma babu laifi a wannan fata. Laifin shi ne ki shiga da sunan shawara, ki zauna, sannan ki zaro takardu daga jaka ki ce a taimaka, domin a take za ta ji an yaudare ta, Gwaggo ma abin zai shafe ta. Idan ta tambaye ki ko kina neman aiki, ki ce e, kina nema, kuma za ki ji daɗi idan ta ji labarin gurbi a ko'ina ta sanar da ke. Idan ita da kanta ta ce ki turo takardunki, ki tura a ranar, bayan kin gyara su da abin da kika ji daga bakinta. Da yamma ki aika godiya a gajarce, ki ambaci abu guda da kika ƙaru da shi, ki kuma kira Gwaggo ki gaya mata yadda aka yi. Bayan wata guda ko biyu, idan kin aikata wani abu daga shawararta, ki rubuta mata layi uku cewa kin yi kaza kuma ga abin da ya fito. Mutane ƙalilan ne ke yin wannan, kuma shi ne ke sa sunanki ya faɗo mata ranar da wani abokin aikinta a wata masana'anta ya ce yana neman yarinya mai hankali.

Idan kuma bayan kiran Gwaggo da saƙonki da tunatarwa guda shirun ya ci gaba, ko ta riƙa cewa "za mu yi magana" ba tare da sa rana ba har sau biyu, to ki ɗauka amsarta ke nan, ki bar ta cikin mutunci, kada ki kai ƙorafi wurin Gwaggo. Wataƙila binciken hukuma ne a gabanta, wataƙila wata damuwa ce ta gida. Ki juya ga malamin da ya duba aikin bincikenki na shekarar ƙarshe, domin malaman sashen sinadarai sukan san inda tsofaffin ɗalibansu suke aiki, da kuma wanda ya kula da ke lokacin zaman sanin makamar aiki. Ki nemi waɗanda suka riga ki gamawa da shekara biyu ko uku suna aiki a kamfanin shinkafa ko na ruwan leda ko na lemo, domin sun fi shugabanni lokaci, kuma hanyar da suka bi ta shiga ita ce ke aiki a yanzu, alhali Hajiya ta shiga ne a wani zamani daban. Saƙon da na tsara miki zai yi musu, sai dai ki canza sunan wanda ya haɗa ku. Idan namiji ne, ki zaɓi magana ta waya ko haɗuwa a ofishinsa cikin lokacin aiki, da sanin gida, kuma duk wanda ya mai da roƙon shawara ya zama gayyatar haɗuwa da dare ko a wani keɓantaccen wuri, ki yanke maganar nan take ba tare da kin ba shi dalili ba. Ki fara da kiran Gwaggo a yau, Allah ya yi miki jagora.